Rage Waƙar Bege a Rediyo: Inda Wuƙa Ta Kamata Ta Sauka

Wani malami da nake girmamawa ya ce mini a zaurensa a Dogon Dutsi, yanke waƙar yabon Manzon Allah (SAW) don ta shiga cikin filin rediyo rashin ladabi ne, ko dai a sa ta duka ko a bar ta. Na ce masa, Allah gafarta malam, ciwon da kake ji na gane shi, amma laifin na mai riƙe da wuƙar ne. Na san abin da ya ɓata masa rai. Ranar nan a wata tasha aka sa bege gab da labarai, sha'iri na tsakiyar ɗango sai murya ta yi ta dusashewa har ta ɓace, taken labarai ya hau kanta. Wannan kam nima ba na kare shi.

Ɗaukar yabo kashi-kashi ta girmi rediyo nesa. Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, an jera ta ne bisa haruffan Larabci, kowane harafi da baiti ashirin, daga baya Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi. A watan Maulidi harafi-harafi ake rera ta a zauruka, a tsaya a ƙarshen harafi, gobe a ɗora. Burda ma fasali goma ce. Da aka kafa gidan rediyon Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel a 1974, sannan tashoshin FM suka bazu daga shekarun 1990, abin da ya ƙaru shi ne agogo. Tsayawa kuwa tun can akwai ta, kuma magabata sun san inda ake tsayawa.

Ga yadda aikin yake, da wata waƙa da na taya wani ƙanena mai gabatar da shiri ragewa. An ɗauko ta a wajen Maulidi, da bandiri da ƴan amshi, tsawonta minti 12 da sakan 40. Mabuɗinta, wato bismilla da salati, sakan 50 ne. Baitocinta 24, ƴan ƙwar biyar, kowanne da amshinsa kimanin sakan 28. Addu'ar rufewa sakan 38. Filin da ya rage kafin labarai minti 7, wato sakan 420. Mabuɗi da marufi ba a taɓa su, don haka aka fara ware sakan 88, saura 332. In ka raba da 28 za ka sami baiti 11 da ɗan saura. Ashe baiti 13 ne za su fita, waƙar ta dawo minti 6 da sakan 36, a bar sakan 24 ga mai gabatarwa.

Lissafi ya ƙare a nan, sauran aikin na kunne ne da fahimta. Muka rubuta farkon kowane baiti a takarda, sai gaɓoɓin waƙar suka fito. Baiti uku na farko godiya ce, shida na gaba labarin haihuwa, takwas mu'ujizoji, huɗu Isra'i da Mi'iraji, ukun ƙarshe neman ceto. Baitocin mu'ujiza kamar ƙwayoyin tasbaha suke, kowanne tsaye da kansa, ana iya zare ɗaya ba a ji giɓi ba. Na Mi'iraji kuwa labari ne mai bin juna, in ka ɗebe na tsakiya ka bar mai sauraro a sama ta uku ba hanyar saukowa. Irin wannan gaɓa ko a ɗauke ta duka ko a bar ta duka. Da yake watan Rabi'ul Awwal ne, muka bar baiti biyu na godiya, shidan haihuwa, da ukun ceto. Da a Rajab ne, da Mi'iraji za mu bari, mu haɗa da mu'ujiza biyu, adadin dai 11.

Wurin saukar wuƙa shi ne abin da na fi so a wannan sana'a. A baiti ɗan ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo, na biyar ya dawo da babban amsa-amon da ya ɗaure waƙar tun daga farko har ƙarshe. Kunnen Bahaushe yana jiran wannan ɗango na biyar kamar yadda ake jiran amin bayan addu'a. Bayansa ƴan amshi su karɓa, su sauke, sai a sami ɗan shiru inda jagora ke jan numfashi. Cikin wannan shirun ake yanka, kafin numfashin, domin baitin da za a jona ya shigo da nasa numfashin da bugun bandirinsa na farko. A Audacity ana ganin wurin da ido, inda zanen murya ya sirance. Amshi shi ne ɗinkin, tunda iri ɗaya ne bayan kowane baiti, kunne ba ya tambayar wane baiti ne ya kamata ya biyo.

Abu uku ke tona asirin mugun yanka. Na farko sabi-zarce, inda zancen baiti bai ƙare ba sai a na gaba. Irin waɗannan tagwaye ne, ba a raba su. Na biyu wakilin suna. A waƙarmu akwai baitin da ya fara da "shi", yana nufin Mala'ika Jibrilu da aka ambata a baitin baya. Da mun zare na bayan, da "shi" ɗin ya koma kan Annabi, ma'ana ta juye. Mafi muni a irin wannan shi ne dusar da murya a tsakiyar kalmar shahada, a bar korewa a iska ba a kai ga tabbatarwa ba. Na uku saurin kiɗa. Begen da aka ɗauka a taro yana ƙara zafi, bandiri ya yi sauri, murya ta hau. Da muka jona baiti na 9 da na 22 sai aka ji tsalle. Maganinsa, muka bar amshi ya sauka sarai, mai gabatarwa ya yi gajeren salati, sannan baiti na 22 ya shigo.

Masu cewa a ƙara wa waƙar sauri da na'ura ba su yi lissafi ba, sakan 760 ba ya komawa 420 sai murya ta zama abin dariya. Masu cire amshi don su cusa baitoci da yawa su ma sun yi hasara, sun mai da bege karatun takarda, alhali tsohuwar da ke sauraro a Matankari ko Kore Mairuwa da amshin take shiga waƙar.

Ra'ayina shi ne mai rage bege ɗan'uwan mai tahamisi ne. Ɗaya ya ƙara ɗango uku a kan baiti, ɗaya ya ɗebe baitoci, dukansu kuma sai sun san kari da ma'ana kafin su taɓa waƙar wani. Don haka aikin bai kamata a bar wa duk yaron da ya iya kwamfuta shi kaɗai ba, a zaunar da wanda ya san bege kusa da shi. Sakan 24 ɗin nan da suka rage kuwa amana ce: a faɗi sunan sha'irin, a gaya wa jama'a an taƙaita waƙar, a sanar da ranar da za a sa cikakkiyarta. Masu tashoshinmu na Arewa, in kun kiyaye wannan, malam ba zai kashe rediyonsa ba.