Hoto da mutum-mutumin kaki: mai ɗauka ya faɗi gaskiya, mai kallo ya buɗe ido

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo mana ta cikin waya. Yaro zai je karatu Landan, ko ɗan kasuwa ya je sari Dubai, sai ga hotonsa ya iso Zuru yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Shah Rukh Khan ko Mohamed Salah, ƙarƙashin hoton an rubuta “ni da mutumina”. Kafin magariba hoton ya zaga dangi, ana ta sa albarka. Alhali sau da yawa abin da ya rungumo ba mutum ba ne, mutum-mutumin kakin zuma ne a gidan kallo na Madame Tussauds, wanda aka kafa a Landan tun 1835, aka kuma buɗe reshensa a Dubai a 2021. Ba ni da faɗa da wanda ya biya kuɗinsa ya shiga kallo. Faɗana da shirun da ake yi bayan an tura hoton, domin a ƙasarmu hoto da babban mutum jari ne. Da shi ake neman yarda, da shi wasu ke karɓar kuɗin iyayen yara da sunan za su samo musu aiki ko biza.

Mu a nan ba baƙin aikin siffa ba ne. An san Dakarkari da gina siffofin yumɓu da ake ɗorawa kan kaburburan manya. Amma maginan nan ba su taɓa nufin a ga aikinsu a ce ga wane ya dawo ba. Alama ce ta daraja, kowa ya san yumɓu ne. Haka mutum-mutumin siminti na shataletale, ko na roba da teloli ke rataya wa kaya, ko na Jacob Zuma da Rochas Okorocha ya kafa a Owerri a 2017: duk wannan ko yaro ya gani a hoto ba zai ruɗe ba. Na kaki ne kaɗai aka yi shi da niyyar ya yi kama da mai rai har ido ya yi shakka, kuma idonmu bai saba da shi ba. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, yana kuma laushi tun kafin nan, don haka abu ne na ɗaki mai sanyi, ba na zafin Maris da Afrilu a Kebbi ba. Shi ya sa mafi yawanmu a waya kawai muke haɗuwa da shi, a hoton da aka tura aka sake turawa har ya dushe.

Wanda ya san yadda ake yin abin ya fi saurin gane shi. Ana zaunar da mutumin a auna shi awo sama da 200, a ɗauke shi hotuna ta kowace kusurwa. A gina kansa da yumɓu, a yi masa mazubi, a zuba kaki mai zafi, a zubar da na tsakiya ya bar ɓawo. Idanun na roba ne mai ƙyalli da aka zana da hannu. Gashi na mutane ne, ana soka shi da allura ɗaya bayan ɗaya, aikin makonni. Launin fata fentin mai ne, shafi bisa shafi. Gangar jikin kuwa ba kaki ba ce, robar gilashi ce mai tauri da ƙarfe a ciki. Duk ƙwarewar ta taru ne a fuska. Saboda haka wanda ya tsaya yana tambayar “ya yi kama ko bai yi ba?” ya faɗa daidai inda masu sana'ar suka fi ƙarfi. Kama ba hujja ba ce. Hujjar tana wurin da jiki ya taɓa jiki.

Ga misali da hoton da aka nuna mini a wata majalisa. Saurayi ne tsaye da Salah, shi Salah cikin kwat mai ruwan madara, yana murmushi. Masu majalisa sun rabu biyu. Na ce a bar fuskar tukuna, a buɗa hoton da yatsu biyu a duba hannun saurayin da ke kan kafaɗar baƙon. Idan ka dafa mai rai, tsoka tana lotsawa, riga tana tattarewa ƙarƙashin yatsu, shi ma wanda aka dafa yakan ɗan karkato wajenka ko ya zagayo da hannunsa bayanka. A nan yatsun saurayin suna zaune a kan kafaɗa kamar an ɗora su kan tulu. Duk karkatar da ke hoton daga saurayin take: shi ya sunkuyo, shi ya miƙa wuya, shi ya daidaita tsayuwarsa da ta ɗayan. Mutum biyu masu rai idan za su yi hoto, kowa yana ba da rabin hanya.

Sai muka koma kan ido. Saurayin yana kallon wayar da ke ɗaukarsu. Na kusa da shi yana kallon wani wuri can, ɗan gefe da kyamarar, domin an kafe idonsa ne a wuri guda, shi kuwa mai ɗaukar hoton bai tsaya daidai wurin ba. Wannan alama ce mai kyau amma ba ta yanke hukunci, tunda tauraro na gaske ma idan kyamarori sun yi yawa yakan kalli wata ya bar taka. Abin da ya fi ta nauyi shi ne dishi-dishin motsi. Ɗakunan nan fitilarsu daga sama take, hasken bai da yawa, sai waya ta ɗan jinkirta wajen ɗauka. Hannun saurayin da ke ɗaga yatsa biyu ya ɗan share, wata mata da ke wucewa ta baya ita ma ta share, amma mai kwat ya fito ras tun daga gashin kai har bakin hannun riga. Mai numfashi ba ya tsayuwa haka.

Abin da ya kashe gardamar bai buƙaci kaifin ido ba. Muka sa hoton a Google Lens, sai ga hotuna barkatai: Bature, Ba'indiye, Balarabiya da yaranta, kowa tsaye kusa da wannan kwat ɗin, wannan murmushin, wannan ajiyar hannun, ba ko gashi ɗaya da ya canza wuri. Siffar Salah ce da gidan Landan ya fito da ita a 2021. A ganina wannan ne gwajin da ya kamata kowa ya fara da shi, sauran duk taimako ne. Mutum-mutumi tsayuwa ɗaya gare shi, kaya ɗaya, shekara ɗaya. Mai shi yana tsufa, yana aski, yana tara gemu, yana ƙiba ko ramewa, siffar tana nan a ranar da aka auna shi. Idan an ce maka jiya aka ɗauki hoto, amma askin na shekara biyar baya ne, to ka nemi hotonsa na wannan makon ka gwada.

Akwai kuma abin da ke kewaye. Babban tauraro ba ya tsayuwa shi kaɗai a tsakar ɗaki, ba mai gadi, ba ɗan rakiya, jama'a suna wucewa ta bayansa ba mai waiwaye. Idan a can baya ka hango wani shahararren kuma tsaye, shi ma ba wanda ya damu da shi, ai magana ta ƙare. Masu wayo sun san haka, shi ya sa suke yanke hoton daga ƙirji zuwa sama, ƙafa da allon suna da bangon ado duk su fita. Hoton da aka matse sosai, ka nemi cikakkensa.

Maganar fata ita ce na fi so a yi hattara da ita, don a nan ake cin zalin masu gaskiya. Mutane sukan ce “dubi yadda fuskar ke sheƙi, ai kaki ne”. Wayoyin da ke hannunmu da yawansu suna goge fuska tun kafin ka nema: su share ƙuraje, su haskaka launi, su mai da fatar mutum sumul. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau da yawa kuma ƙananan layukan fata duk sun ɓace. Saboda haka santsi ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne bambancin launi a jiki guda. Baƙar fata ba launi ɗaya ba ce: gaɓoɓin yatsu sun fi duhu, tafin hannu ya fi haske, goshi da karan hanci suna maiƙo, gefen kumatu ba ya yi. Masu fenti sun daɗe suna tuntuɓe a nan. A 2017 an yi ca a kan siffar Beyoncé a New York saboda ta yi fari da yawa, a 2023 kuma gidan Grévin na Paris ya sake wa siffar Dwayne Johnson launi bayan shi da kansa ya yi ƙorafi. To idan za ka duba, duba hannu, ka gwada shi da hannun mai ran da ke tsaye a gefe cikin haske ɗaya. Idan waya ce ta goge, duka biyun za ta goge.

Dalilin da ya sa nake jan kunne a kan gaggawar cewa “ba shi ba ne” shi ne mun ga inda take kaiwa. Bayan jinyar Shugaba Muhammadu Buhari a Landan a 2017, aka yi ta yaɗa cewa wani Jubril ne daga Sudan ke zaune a kujerarsa, ana zagaye kunne da hannu da jan layi a hotuna, har sai da ya fito ya ƙaryata a Poland a Disambar 2018. Waɗanda suka yi ta auna kunnen nan su ma gani suke suna bincike. Ba su san cewa nisan kyamara da kusurwar ɗauka suna canza girman kunne da hanci ba, kuma hoton da aka ɗauka da kyamarar gaba yakan juya dama ta koma hagu. Alama ɗaya a hoto ɗaya ba ta isa a ƙaryata mutum ba. A tara uku ko huɗu da ba su dogara da juna ba: taɓawa, motsi, muhalli, sannan hotunan wasu a wuri ɗaya.

Wani zai ce wasa ne, me ya yi zafi? Na yarda mafi yawan masu tura irin hoton nan ba su da niyyar cuta. Amma tsohuwar da ke Dabai ko Ribah, da aka nuna mata jikanta da wani babba a waya, ba ta san akwai gidan da ake jera siffofin mutane ba. Ta gaskata, ta faɗa wa maƙwabta, ta yi alfahari. Ranar da wani ya tona, ita ce za ta ji kunyar, ba jikan ba. Kuma duk wasan da ya wuce ba a gyara ba, yana sauƙaƙa wa ɗan damfara aikinsa ne a gaba.

Don haka ɗan'uwa, idan ka shiga gidan kallon nan ka ɗauki hoto, rubuta a ƙasa cewa mutum-mutumi ne, ka faɗi sunan wurin. Kai kuma da aka turo wa, kada ka ba kowa ko sisi saboda hotonsa da wani babba sai ka ga cikakken hoton tun daga kai har ƙafa, ka kuma bincika ko wasu sun tsaya kusa da wannan tsayuwar.