Dokin Ƙofar da Ya Lanƙwashe: Yadda Ake Gane Gyara a Hotunan Ƙawa

A shekarar 2009 kamfanin tufafi na Ralph Lauren da ke Amurka ya fitar da tallar da ta zama abin dariya. An rage jikin mai tallar kayan, Filippa Hamilton, har kanta ya fi ƙugunta faɗi, kuma daga baya kamfanin ya amsa cewa an ɓata hoton wajen gyara. Irin wannan ko yaro zai gane. Amma yawancin gyaran da ake yi wa hotunan mujallu, da na taurari, da na amare a ɗakunan ɗaukar hoto na garuruwanmu, ba ya kai wa nan. Kaɗan ake taɓawa, kuma mai gyara ya san inda idon mai kallo zai fara sauka: fuska da sura. Nan yake zuba ƙwarewarsa. Shi ya sa mai neman shaida ya kamata ya ɗauke ido daga kan mutumin, ya duba abin da ke kewaye da shi.

Dalilin yana cikin yadda ake aikin. A manhajar Photoshop akwai abin da ake kira Liquify, kuma manhajojin waya irin su Facetune, wadda ta fito a 2013, suna da makamancinsa. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Liquify ba ya bambance fikselin jiki da na bango. Mai gyara yana ɗora burushi mai siffar da'ira ya ja, duk abin da ke cikin da'irar sai ya biyo, na tsakiya ya matsa sosai, na gefe ya matsa kaɗan. Kamar dai a ja tabarma ne daga tsakiya: duk abin da ke kanta sai ya gusa.

A ɗauki hoton wata mace a tsaye gaban ƙofa, sanye da atamfa. Faɗin hoton fiksel 1080 ne, ƙugunta ya ci 200. Mai gyara yana son ya rage 10 ta kowane gefe. Idan ya ɗauki ƙaramin burushi gefen jikin zai yi lotse-lotse, don haka sai ya ɗauki babba, a ce mai faɗin 300, domin lanƙwasar ta fito sumul. Wannan burushi yana taɓa duk abin da ke tsakanin fiksel 150 daga tsakiyarsa. Idan dokin ƙofar yana fiksel 60 daga jikinta, ya shiga ciki, zai karkato zuwa gare ta daidai saitin ƙugun, sannan ya miƙe daga sama da ƙasa. Karkatar ba ta wuce 'yan fiksel ba, ido zai iya tsallake ta. Amma a faɗaɗa hoton a ɗora gefen takarda a kan dokin ƙofar, nan take za a ga inda ya rabu da takardar.

Alkiblar karkatar tana faɗin abin da aka yi. Layin da ya lanƙwaso zuwa jiki yana nuna an rage wurin, wanda ya turu waje yana nuna an ƙara, shi ya sa a hoto guda za a iya ganin bango ya shigo a saitin ƙugu, ya fita a saitin kwankwaso. Tayil ya fi komai tonon asiri, domin kowane ɗaya girmansa daidai yake da na kusa da shi. Idan biyu ko uku da ke jikin mutumin suka fi sauran faɗi, an ja su ne don cike gurbin da aka rage. Zanen atamfar ma haka. Furen da yake zagaye a kafaɗa sai a same shi ya tsuke a ciki. Hannun da aka ɗora a ƙugu shi ma yana cikin da'irar, don haka yatsu kan yi tsawo, awarwaro ya karkace.

Sai dai a yi hattara, gilashin kyamara ma yana lanƙwasa layi, musamman mai ɗaukar fili da faɗi irin na wayoyi. Bambancin shi ne lanƙwasar gilashi doguwa ce, tana tafiya a hankali, ta fi ƙarfi a gefunan hoto, kuma dama da hagu suna kama da juna. Ta gyara gajeriya ce, tana wuri guda, kuma wurin ya yi daidai da gaɓar da ake son a gyara.

Batun fata ya fi wuya, kuma ya girmi kwamfuta. A Hollywood ta shekarun 1930, a ɗakin hoton George Hurrell, da fensir ake bin fim ɗin hoton ana shafe ɗigon fuskar taurari irin su Joan Crawford. Yau gyaran gaggawa yana dusashe fatar ne baki ɗaya, sai ƙananan ramukanta su ɓace. Ana gane shi ta rashin daidaito: gashin ido da gira da zaren mayafi sun fito tsaf, amma kuncin da ke tsakaninsu babu komai a kansa, alhali nisansu da kyamara ɗaya ne. Ƙwararru kuwa raba hoton suke yi gida biyu, launi daban, saƙar fata daban, su daidaita launin su bar ramukan. A nan inuwa ce ke tona su. Ana yawan shafe inuwar da ke ƙarƙashin ido, da layin da ke saukowa daga gefen hanci zuwa baki, sai a ga mutum yana murmushi sosai amma kuncinsa bai naɗe ba. Idan kuma an haska launin fuska, a duba kunne, da wuya, da gaɓoɓin yatsu, domin nan ake mantawa. Ko da yake hodar da ba ta dace da fata ba tana yin haka ita ma, ba tare da kwamfuta ta sa hannu ba.

A ganina an fi yin kuskure a nan, wajen yanke hukunci da santsin fata kawai. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, ramukan fata sun riga sun tafi. Fitila babba mai taushin haske tana ɓoye su, wayoyi da dama kuma suna goge fuska tun lokacin ɗauka. Haka nan miƙaƙƙen bango ba ya wanke hoto. Mai gyaran da ya san aikinsa yana yanke mutumin daga bango, ya sake masa sura shi kaɗai, sannan ya mayar da shi kan bangon da ba a taɓa ba. Abin da ya rage a lokacin shi ne gefen jiki: siririn haske da ke bin damtse, ko gefen kai da ya yi santsi babu ko silin gashi ɗaya da ya fita, ko inuwar ƙasa da ta ci gaba da nuna tsohuwar sura.

Wani lokaci hoton shi kaɗai ba zai faɗi komai ba, sai an kwatanta shi da wani. A Nuwamban 2017 'yar fim Lupita Nyong'o da kanta ta fito da hotunan asali, ta nuna cewa an cire wani sashe na gashinta a bangon mujallar Grazia ta Birtaniya. A 2011 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana tallar hodar Lancôme mai hoton 'yar fim Julia Roberts, saboda kamfanin bai iya gamsar da ita cewa hoton yana nuna ainihin abin da hodar ke iya yi ba. Faransa kuwa ta ɗora nauyin kan masu talla: tun 1 ga Oktoban 2017 dole a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi, idan an rage ko an ƙara surar mai tallar. Dokar ba ta shafi goge fata ba. Norway ce ta haɗa da fata a tata dokar, wadda ta fara aiki a Yulin 2022.