Bayanin da Ake Rabawa Kafin Ɗalibai su Rera Waƙa

A makarantun sakandare na ƙasar Kano, ranar raba kyaututtuka ba ta cika wucewa ba tare da an kira ɗalibai sun rera waƙa ba. Dawakin Kudu ma, inda makarantar kimiyya take tun 1977, tana cikin wannan al'ada. A bakin zauren taro akan miƙa wa baƙi takarda guda da aka ninke biyu, mai ɗauke da jerin abubuwan da za a yi. Galibi abin da waƙa ke samu a cikinta layi ɗaya ne: waƙa daga ƙungiyar Hausa. Wani lokaci malami mai himma yakan ƙara 'yan layuka na bayani. Waɗannan 'yan layukan su ne abin nazarina, domin rubutu ne mai ƙa'idarsa, kuma ya fi wuya fiye da yadda ake zato.

A Turai irin wannan bayani ya samo asali. Tun 1845 John Ella ya riƙa raba wa masu zuwa sauraron kiɗa a Landan takardar bayani kafin a fara. Har yau a can, idan ɗalibi zai rera waƙar Jamusanci, babban aikin takardar shi ne ta fassara. Mu kuwa matsalarmu daban ce. Iyayen da suka zo daga Kura ko Bunkure ko Kadawa, waɗanda suka bar tumatir da shinkafa a bakin ruwan da ke gangarowa daga Tiga, da Hausa za a yi musu waƙar, kuma kunnensu ya goge da Shata da Ɗankwairo da begen Mauludi. Ba su zauna ajin nazarin adabi ba, shi ke nan. Abin da ke tsakaninsu da waƙar shi ne zamanin da aka yi ta, da abin da aka yanke daga cikinta.

A nan ne yawancin masu rubutawa ke kuskure hanya. Malami yakan ɗauko kayan aji kai tsaye, irin tsarin da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Gadon Feɗe Waƙa, ya jera jigo da warwarar jigo da salon sarrafa harshe da sunan kari. Wannan tsari mai daraja ne, amma don mai riƙe da waƙar a rubuce aka yi shi, wanda zai koma baya ya sake dubawa. Mai sauraro sau ɗaya waƙar ke wuce shi. Wasu kuma sukan cika gurbin da tarihin mawaƙi har da sunayen malamansa, sai a gama karantawa ba a san me za a ji ba. Alamar gane bayanin da bai yi aiki ba mai sauƙi ce: a tambayi wanda ya karanta abin da zai saurara idan yaron ya buɗe baki. In ya rasa amsa, a sake rubutu.

Mu ɗauki misali. A ce ɗalibi zai rera wani yanki na Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur. Waƙar doguwa ce, ba za a rera ta duka a taro ba, sai a zaɓi baiti goma sha biyar ko ashirin. Ga yadda zan rubuta:

"Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya rubuta wannan waƙa tun Turawa na mulki, ya kuma rasu a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. Tambayarsa ita ce: in Turawa sun tafi, Arewa za ta zauna da sarakunanta ko za ta rabu da su? Shi yana son sarauta ta tsaya, amma yana gargaɗin sarakuna su gyara, yana nuna musu abin da ya sami takwarorinsu a Indiya. Za ku ji farkon waƙar ne kawai. Ku lura, ƙarshen kowane baiti da sautin -ya yake faɗuwa."

Kowace jimla a nan tana da aikinta. Shekarar 1958 an ɗaure ta da 1960 da kowa ya sani, don haka ba ta tsaya ita kaɗai a matsayin lamba ba. An kawo jigo a siffar tambaya ba tare da an kira shi jigo ba. Ambaton Indiya yana da amfani, domin a 1950 ta zama jamhuriya bayan an haɗe ƙasashen sarakunanta cikin tarayya, kuma wanda bai san haka ba zai kasa gane tsoron da ke cikin waƙar. Jimlar da ta ce farkon kawai za a ji ita ce ta amana. Waƙar da ake gina hujja a cikinta, in an datse ta ba a faɗa ba, mutum na iya tashi da zaton Zungur mai yabon sarakuna ne zalla, ko kuwa mai zaginsu, alhali ba ko ɗaya. Jimlar ƙarshe kuma ta koyar da amsa-amo ba tare da ta ambaci sunansa ba. Daga baiti na uku za ka ga leɓɓan mutane sun fara motsi suna tarar ƙarshen layi. Abin kamar ban ruwa ne: in ka buɗe wa ruwa baki ɗaya yakan cika fangali, in ka fasa wuri biyar sai ya watse. Abu ɗaya tak ake ba kunne ya jira a kowace waƙa.

Abin jiran yakan sauya da irin waƙar. A Imfiraji ta Aliyu Namangi, baiti layi biyar ne, huɗun farko suna tafiya da sauti ɗaya, na biyar ya koma ga sautin da ke ɗaure waƙar. Sai a ce wa mutane su ƙirga huɗu su jira na biyar. Ya kuma dace a faɗa musu cewa malamin makaho ne, a Zariya ya yi rayuwarsa, kuma almajirai makafi sun daɗe suna yawo da waƙar, domin da yawa a zauren za su tuna sun taɓa jin ta a ƙofar gida ko a tasha. A waƙar baka kuwa, irin ta makaɗan fada, abin nunawa shi ne gindin waƙa: jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, a dawo gindi. Nan bayani ya faɗi wanda aka yi wa waƙar da sarautarsa, in ba haka ba kirarin da ke ciki zai zama surutu. Idan kuma ɗaliban da ganga ko tafi za su yi maimakon kotso ko taushi, a rubuta haka.

Sai batun tsayi. Kalma sittin zuwa tamanin ta isa kowace waƙa, kuma ba don ƙarancin takarda kawai ba. Cikin iyayen akwai masu ilimin allo da na littattafai da ba su saba da karatun boko ba, saboda haka bayanin nan, a gaskiya, mai gabatar da taro ne zai karanta shi a lasifika. Dole ya zama magana mai shiga kunne, wadda za a gama cikin rabin minti yaron na tsaye. Wanda ya rubuta ya karanta wa wani da babbar murya tun kafin a kai shagon buga takardu. In an bugo, a duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito, don sau da yawa na'urar kan mayar da su akwati ko ta cinye lanƙwasar. A raba sunan mai waƙa da na mai rerawa a fili, kowa da layinsa. In ɗaliba ce ta tsara waƙarta da kanta, a rubuta hakan da manyan baƙaƙe, a kuma bar ta ta faɗi dalilin yin ta cikin jimla biyu nata na kanta, malami ya gyara rubutun kawai.