Tambari ɗaya ne, a daina siffanta shi sau huɗu

Yanzu yayi ne masu zanen tambari su jera wa manhajar ƙirƙirar hoto umarni huɗu: na farin fage, na baƙin fage, na alama zalla, da na kwance. Kowane ɗan kasuwa yana buƙatar huɗun nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta kowane umarni da sababbin kalmomi. Manhajar sabon zane take yi duk lokacin da aka ba ta umarni, don haka kalma ɗaya in ta sauya, siffa ma ta sauya.

A ɗauki tambarin shagon fura da nono: ƙwarya da ludayi a ciki. Idan a umarnin farko an ce ludayin ya karkata dama, a na biyu aka yi shiru a kansa, za a iya ganin sa a tsaye, ko ƙwaryar ta ƙara zurfi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ɗora hoto ɗaya a kan ɗaya, a rage ƙarfin bayyanar na sama zuwa rabi. In bakin ƙwaryar bai hau kan ɗan'uwansa ba, tambari biyu ne a hannunka.

Ni a ganina da alama zalla ya kamata a fara, domin ita ta fi shan wuya. Ita za ta shiga da'irar hoton WhatsApp a yanke mata kusurwoyi, ita za a matse zuwa fiksel 32 a goshin burauza. A siffanta ta sau ɗaya: ƙwarya rabin da'ira, ludayi ɗaya mai karkata dama, launi biyu, babu inuwa, babu rubutu. Wannan sakin layi a riƙa kwafe shi harafi da harafi, jimla ɗaya kawai ke sauyawa a ƙarshe.

Jimlar baƙin fage ita aka fi yi wa gaggawa. Cewa "a juya launi" bai wadatar ba. Ƙwarya mai launin `#5C3A1E` tana fitowa sarai a kan fari, amma a kan baƙi nutsewa take yi. Sai an faɗi ƙarara cewa ƙwaryar ta koma `#F2DDB0`, ludayin ya zama fari. Kuma farin layi a kan duhu yakan yi kamar ya fi kauri, sai mai zane ya ɗan sirantar da shi da hannu.

Na kwance kuwa ban ga dalilin barin manhaja ta rubuta sunan shagon ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sau da yawa takan miƙar da su ko ta lalata su. A ɗauko alamar da aka amince da ita, a mayar da ita SVG a Inkscape ko Illustrator, a ajiye ta a hagu, a buga sunan a dama da salon rubutun da ke da haruffan Hausa, a bar tazarar kusan rabin faɗin ƙwaryar a tsakaninsu.