Hausar tasha: sirrin da ake faɗa a gaban mai shi

Akwai masu ganin cewa maganar direbobi da 'yan kamasho da 'yan acaɓa ɓarnar harshe ce kawai, Turancin da aka karya aka cusa wa Hausa, wanda bai cancanci a zauna a yi nazarinsa ba. Akwai kuma masu yi mata kallon tausayi, su shiga tasha da littafi da biro su tattaro kalmomi hamsin ko ɗari, su jera kowace da ma'anarta, su ce sun gama da saran tasha. Na farko ba su saurara ba, na biyu kuma sun saurari abin da bai fi muhimmanci ba. Baƙuwar kalma irin wadda ake jerawa a takarda ita ce mafi rauni a cikin wannan magana, domin duk wanda ya ji ta zai tambaya, kuma da an ba shi amsa sirrin ya tashi. Ƙarfin Hausar tasha yana cikin kalmomin da kowa ya sani, waɗanda ake faɗa da babbar murya a gaban fasinja, ya ji su sarai, ya ɗauka ya gane.

Tarihin ba shi da tsawo. Motocin haya sun biyo bayan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, suka zo da lodi da fasinja da kwandasta da kamasho, kalmomin da suka daɗe da zama Hausa har ba mai jin baƙuncinsu. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, tasha ta samu ciyaman da sakatare da tsarin bin layi. Acaɓa ya zo daga baya da nasa sunaye, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, goyin a Kaduna da Jos. Da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, da yawa daga cikin masu sana'ar suka koma Adaidaita Sahu, suka tafi da dirof ɗinsu da balas ɗinsu ba tare da sun zubar da ko ɗaya ba.

Masu nazari sukan so su ajiye wannan magana kusa da zaurance, ni kuwa ban ga dangantaka ba. Zaurance yana shelar kansa. Da yarinya ta fara cusa gaɓa cikin kalma, wanda ke gefe ya san ana ɓoye masa wani abu, ko da bai san mene ne ba. Ɗan kamasho ba zai iya wannan ba, saboda mutumin da yake ɓoye wa maganar shi ne mai kuɗin da ake jira, kuma da ya tsargu zai ɗauki jakarsa ya nufi wata mota. Dole maganar ta fito a matsayin Hausa tsantsa, mai fuska biyu, ɗaya ta fasinja ɗaya ta abokin aiki.

Ɗauki kiran da kowa ya taɓa ji a Unguwa Uku ko Kawo ko Kwangila: "Saura mutum ɗaya!" Fasinja yana jin lissafi ne, ya leƙa ya ga hayis mai kujera goma sha takwas ta kusa cika, ya miƙa kuɗi ya shiga. Abokin aiki kuwa ba lissafi yake ji ba. Abin da aka gaya masa shi ne wannan motar ce a kan layi, ita ake lodi, duk fasinjan da ya shigo a turo shi nan. Sau da yawa rabin waɗanda ke zaune a ciki fasinjojin bogi ne, yaran tasha da aka zaunar don motar ta yi kama da cikakkiya, su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya yayin da na gaskiya ke shigowa, a sallame su da ɗan abin shan shayi. Mai lura zai gane su. Ba su da kaya, suna zama kusa da ƙofa, ba sa tambayar yaushe za a tashi, ba sa ƙorafin zafi, kuma idan aka zagayo da takardar rubuta sunayen fasinjoji sai ta tsallake su. Wannan dabara ta fi yawa a lodin bakin hanya, domin a tashar da ake yankar tikiti ana bin layi sosai ba ta da wurin zama.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma nake ganin shi ne zuciyar al'amarin, shi ne cinikin juye. Bari mu bi shi daki-daki. A ce direba ya yi lodi daga Kano zuwa Kaduna, kujera naira dubu biyar. Yawancin waɗanda ya ɗauka 'yan hanya ne, wasu sun sauka a Kwanar Ɗangora, wasu a Zariya. Ya iso Kwangila da mutum huɗu kacal na Kaduna. Idan ya ƙarasa da su, man da zai ƙona zuwa da dawowa ya cinye ribar, ga shi mai mota yana jiran balas da dare. Sai ya tsaya kusa da wata motar da ke lodin Kaduna, ya leƙo ta taga.

"Maigida, ina da huɗu na Kawo."

"Jaka goma-goma."

"Haba, bakwai da rabi. Ba su da nauyi."

"Kawo takwas, su zo."

Fasinjan da ke bayan direba ya ji komai. Ya ji an ambaci Kawo, inda zai sauka, ya ji jaka, ya ji nauyi, sai ya ɗauka maganar kaya ake yi. Ba ta kaya ba ce. Jaka a tsohon lissafi fam ɗari ce, kuma tun da aka sauya kuɗi a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, jaka ta tsaya a naira ɗari biyu. Saboda haka mai karɓa ya nemi dubu biyu a kan kowane mutum, kuɗin Zariya zuwa Kaduna ke nan a misalinmu, mai bayarwa ya taya dubu ɗaya da ɗari biyar, aka daidaita a dubu ɗaya da ɗari shida. Shi kuma "ba su da nauyi" yana nufin ba su ɗauko buhu ko akwatin da zai cinye but ba. Direban farko ya miƙa naira 6,400 daga cikin 20,000 da ya karɓa a hannun mutanen huɗu, ya riƙe 13,600, ya juya Kano da sabon lodi. Na biyu ya yi rangwamen ɗari huɗu a kan kowane, amma ya cike kujera huɗu nan take maimakon zaman jiran awa guda. Sannan aka juyo ga fasinjoji da murya mai laushi: "Alhaji, ku yi haƙuri ku koma waccan, motar tana ɗan ba ni matsala."

Fasinja in ya farga yakan ce an sayar da mu, kuma direbobi ma haka suke faɗa a tsakaninsu. Amma a duba abin da aka ƙulla cikin jimla huɗu: adadin mutane, inda za su sauka, farashi, yanayin kaya, da wanda alhakin kai su ya koma wuyansa. Ba takarda, ba shaida, kuma ba kasafai ake saɓawa ba, domin gobe ma a nan za a haɗu. Inda abin ke lalacewa shi ne idan mai bayarwa ya faɗi Kawo alhali fasinjan ya biya har Mando ko cikin gari. Sai an isa rigima ta tashi, sabon direba ya ce kuɗin Kawo aka ba shi, fasinja ya ce ya biya cikakke, wanda ya haɗa su kuwa ya yi nisa. Shi ya sa tsofaffin matafiya ba sa sauka daga motar farko sai sun sa direban ya faɗi masaukinsu da bakinsa a gaban na biyun.

A nan ne zargin ɓata harshe yake rushewa. Yaron da ya tashi da lissafin naira bai san jaka ba, bai san fam ba, bai san sule ba. Dattawan direbobi da dillalan kara su ne suka riƙe waɗannan kalmomi, kuma tsufan kalmar ne ya mayar da ita sirri. Matasan kwandastoci suna da nasu, Murtala ga naira ashirin saboda hoton da ke jikinta, Wazobiya ga hamsin, amma waɗannan sun bazu har yara masu talla sun san su, darajar takardun kuma ta faɗi, sai suka daina ɓoye komai. Jaka kuwa tana nan da aikinta, har ma tana da tarko. A Nijar jaka sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. A tashoshin bakin iyaka irin na Jibiya da Illela da Maigatari, inda direban Katsina ke miƙa fasinja ga direban Maraɗi, ko na Sakkwato ga na Ƙonni, sai an tantance jakar wa ake nufi kafin a tafa hannu.

Ɗan acaɓa ba shi da lokacin irin wannan ciniki, ƙarar inji ma ba za ta bar shi ba. Nasa rabon na wannan fasaha ya koma ham da kai da yatsa. Ham ɗaya gajere tambaya ce ga mai tafiya a ƙasa, ɗaga haɓa ga abokin da ke tahowa tambayar hanya ce, shi kuma ya nuna baya da yatsa idan masu kamu suna gaba. Direbobin doguwar hanya suna yin haka da fitila. Kalma ɗaya da ya riƙe da ƙarfi ita ce dirof, wadda a bakin mai Adaidaita ta zama iyaka tsakanin farashi biyu, na wanda zai jira a cika da na wanda ya ɗauki abin hawan shi kaɗai. Baƙon da ya amsa "e" ga tambayar "dirof ne?" ba tare da ya san bambancin ba, ya sayi kujera uku.

Ba na musun cewa rigar da ke rufe ciniki tana iya rufe cuta. Fasinjan bogi yaudara ce ko da ƙarama ce, kuma 'yan wan cans, masu cika mota da abokan fashinsu su ɗauki mutum ɗaya su yi masa ƙwace, wannan dabarar suka ara suka kai ta ga mugunta. Sai dai laifinsu ba ya zama hujjar watsi da maganar dubban mutanen da ke raba kuɗin lodi da kamasho da balas kullum ba tare da alƙalami ba. Wanda ke son nazarinta ya ajiye jerin kalmomi, ya zauna a bencin mai shayi kusa da motar da ke kan layi, ya riƙa rubuta jimla sukutum tare da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da fasinjan da ke tsaye a wurin, da kuɗin da suka sauya hannu bayanta.