Malam Ba Ya Ganin Ƙarshen Yaƙi

Yaran da ke cika gidajen kallo a Jega da Maiyama sun san wata doka da babu wanda ya koya musu. Da zarar tsoho mai furfura ya gama koya wa jarumi faɗa, ya miƙa masa takobi ko ya yi masa wata doguwar nasiha, sai ka ji wani daga bencin baya ya ce, "Shi ke nan, tsohon nan ya kusa tafiya." Kuma da wuya su yi kuskure. A Star Wars na 1977, Obi-Wan ya faɗi kafin Luke ya kai harin ƙarshe. Dumbledore ya mutu a littafi na shida na Harry Potter, aka bar yaron da na bakwai. A Fist of Fury na 1972 ma Bruce Lee ya iso gida ne ya tarar ana jana'izar malaminsa.

Dalili na farko a fili yake. Malam ya fi almajiri ƙarfi da sani, don haka muddin yana tsaye a fagen, mai kallo ba zai ji tsoro ba, ya san in abu ya ɓaci akwai mai gyarawa. Masu ɗori na Aliero za su gane wannan da sauri. Yaron da ya yi shekaru yana riƙe ƙafar majinyaci, babansa na jan ƙashi yana ɗaura karare, ba a san hannunsa ba sai ranar da aka kawo karaya tsohon ba ya gari. Marubuci yana neman irin wannan ranar, shi ya sa yake kawar da tsohon. Ba dole ne ya kashe shi ba. A Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, baƙin da suka warkar da Iliya sun ba shi ƙarfi, suka gargaɗe shi, suka tafi abinsu.

Amma wannan bayanin bai ƙoshar ba, domin ya mai da malam kamar tsani ne kawai da ake turewa in an hau. Akwai abin da ya fi shi zurfi, kuma tarihin Jega kansa ya fi kowane fim nuna shi.

Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya zauna da jama'arsa a Gimbana, a wannan yanki na Jega. Wajen ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka far wa garin, suka kama mutane, kuma da aka biyo da kamammun ta kusa da Dagel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan al'amari ya dagule har aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Shehu shi ne Amirul Muminina, amma ba shi yake jan runduna ba. Ƙanensa Abdullahi ne ya jagoranci yaƙin Tafkin Kwatto a shekarar, kuma ɗansa Muhammadu Bello ne ya ci Alƙalawa a 1808, inda Yunfa ya rasa ransa. Bayan nan Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin mutanen biyu, ya koma ga karantarwa da rubutu, har ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1817.

Abin da ya biyo bayan rasuwar shi ne wurin lura. Abdussalami, wanda a lokacin yake zaune a Kware, ya yi wa Bello, magajin Shehu, tawaye. Wasiƙun da suka yi musaya, waɗanda Bello ya tattara a littafinsa Sardul Kalam, sun nuna Abdussalami yana kukan cewa rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba, kuma an kauce wa adalcin da aka tashi dominsa. Bello kuwa yana ganin wannan warware mubaya'a ne. Kowannensu almajirin Shehu ne, kowanne da karatun Shehu yake kafa hujja, kuma mutum ɗaya tilo da zai iya cewa "ga abin da nake nufi" yana kabari. Da Shehu na raye, da zama ɗaya a zaurensa wataƙila ya kashe wutar. An ci Kware, Abdussalami ya rasu a Bakura a farkon 1818, sauran mutanensa suka tattara a Kalambaina kusa da Gwandu. Can ne Abdullahi ya kewaye su, Bello ya kawo masa gudunmawa, kuma can ne, kamar yadda ake ba da labari, baffan ya hana ɗan wansa sauka daga doki don gaishe shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Buhari ɗan Abdussalami ya yi sulhu da Gwandu daga baya, ya kafa Jega, inda Gimbanawa suke har yau.

Tarihi ba ƙagaggen labari ba ne, kuma ajali ba ya bin tsarin marubuci. Sai dai abin da ya faru a nan shi ne ainihin abin da gwanin marubuci yake kwaikwaya. Yayin da malam yake raye, maganarsa umarni ce, a ji a bi. In ya kau, maganar ta zama gado, gado kuwa sai an raba, sai an fassara, wani lokaci sai an yi rigima. Shi ya sa a labarai da yawa abokin gaban ƙarshe ba baƙo ba ne, tsohon almajirin malamin ne: Darth Vader a hannun Obi-Wan ya yi karatu, Voldemort kuma ɗalibi ne a makarantar da Dumbledore yake koyarwa. Yaƙin ƙarshe gardama ce tsakanin almajirai biyu kan abin da karatun yake nufi, kuma ba a yin wannan gardama a gaban mai karatun.

Da wannan ake gane labarin da ya yi ha'inci. Finafinan faɗa da yawa, na Sin da na Indiya, har da wasu na Kano, suna kashe malam ne don kawai jarumi ya sami dalilin ramuwa. Gwajin mai sauƙi ne. A cire malamin a sa ƙanwar jarumi ko dokinsa a gurbinsa. In labarin bai canza ba, to mutuwar ta banza ce. A labarin da ya amsa sunansa, jarumi zai kai wani wuri da nasihar malam ba ta kai ba, ko ma ta yi karo da abin da yake gani, dole ya yanke hukunci da kansa. Harry ya gano a littafi na bakwai cewa Dumbledore ya ɓoye masa abubuwa masu nauyi, ya yi fushi, sannan ya zaɓi ya ci gaba. Wannan ya fi bugun bos wuyar rubutawa.

Abubakar Imam kuwa bai bi dokar ba sam. A Magana Jari Ce, aku mai hikima bai mutu ba, bai ɓace ba. Sarki Abdurrahman ne ya tafi yaƙi, aikin akun kuma shi ne ya riƙe Musa ɗan Sarki a gida da labarai kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Yaƙin da littafin ya damu da shi na baki ne, wanda akun ya fi kowa iyawa, don haka babu dalilin kawar da shi. Ƙarshenta ma shi aka naɗa waziri, kuma a littafi na uku sai ga shi zaune da ɗansa Fasih, yana koya masa sana'ar.