Wasiƙar Bayan Taro: Nazarin Imel Mai Taƙaita Shafukan Majigi

Daga cikin nau'o'in rubutun ofis da suka kafu bayan yaɗuwar manhajar PowerPoint, wadda ta fara fitowa a shekarar 1987, akwai wasiƙar imel da mai gabatar da jawabi kan aika wa mahalarta bayan an tashi daga taro, domin ya taƙaita musu abin da ke cikin shafukan majigi, wato shafukan da aka haska a allo yana magana. Ta bambanta da rahoton taro, wanda sakatare ke rubutawa yana bin abin da kowa ya faɗa daki-daki, domin ita mai jawabin ne ke zaɓen abin da yake so ya zauna a zukatan mutane, kuma a wurin wannan zaɓe ake gane gwanintarsa ko kasawarsa.

Tushen wahalar wannan rubutu yana cikin yanayin shafin majigi kansa, wanda aka tsara don ya yi tafiya tare da murya. Abin da ke kansa guntayen kalmomi ne, galibi babu aikatau, babu kuma kalmomin da ke ɗaure magana irin su "saboda", "sai dai" da "idan", domin bakin mai jawabi ne ke kawo su. Da taro ya watse muryar ta tafi, sai guntayen su rage. Edward Tufte ya nuna haɗarin hakan a nazarinsa na 2003 kan wani shafi da injiniyoyin kamfanin Boeing suka gabatar wa jami'an NASA kafin tarwatsewar kumbon Columbia, inda kanun shafin ya kasance mai kwantar da hankali, alhali bayanin cewa guntun abin da ya ɓalle ya bugi fiffiken kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640 a girma yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Wanda ya kwafe kanun shafukansa ya jera su a imel ya ɗauko wannan aibi ne ya raba wa mutanen da ba su da damar ɗaga hannu su yi tambaya.

Za a fi ganin aikin a misali. A ƙaddara an yi wa ma'aikatan asibitocin karkara bita kan adana allurar rigakafi, da shafuka ashirin, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da layi uku: ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, dubawa sau biyu, a guji daskarewa. Wasiƙa mai rauni za ta maimaita layukan yadda suke. Wadda ta amsa sunanta kuwa za ta ce a ajiye alluran a firiji tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Salshiyos, a duba ma'aunin safe da yamma a rubuta a takardar da ke jikin firijin, sannan ta bayyana cewa allurar ciwon hanta nau'in B da allurar Penta suna lalacewa idan suka daskare, don haka ba a jingina su da ƙanƙara a akwatin ɗauka. Wannan dalili na ƙarshe shi ne abin da shafin ya bar wa baki, kuma shi ne ma'aikaciyar da ke fama da ɗaukewar wuta ta fi bukata, tunda hankalinta ya fi karkata ga tsoron zafi, tana ganin yawan sanyi ba ya ɓata kaya. Daga shafuka ashirin ɗin, abubuwa uku ko huɗu irin wannan sun ishi wasiƙa, sauran a bar su cikin fayil ɗin PDF da aka liƙa mata.

Wani wurin da marubuta ke tuntuɓe shi ne cakuɗa abin da aka gabatar da abin da aka yanke. Idan a lokacin tambayoyi wani ya gyara wani adadi, ko aka amince cewa kowane asibiti zai turo takardar ma'aunin sanyinsa a ƙarshen wata, shafukan ba su san da haka ba, domin kafin taron aka shirya su. Wajibi ne wasiƙar ta faɗi gyaran ƙarara, ta kuma ambaci wanda aikin ya rataya a wuyansa da ranar da ake jiransa. Shi ya sa ake son aika ta cikin kwana ɗaya ko biyu, tun mai jawabin bai manta abin da aka tattauna ba, tare da sanya adireshin mahalarta a gurbin Bcc idan ba ma'aikata ɗaya suke ba, don kada a tona adireshin wani ga wani.

Gwajin da ya fi tona asirin wasiƙa mai rauni shi ne a miƙa ta ga wanda bai halarci taron ba, ba tare da fayil ɗin shafukan ba, a tambaye shi me zai yi gobe da safe idan ya buɗe firijin, kuma don me. Idan ya tsaya yana tambayar me ake nufi da "dubawa sau biyu", a jimlar nan marubucin zai koma ya fara gyara.